Kafin a Saki Kuɗin Bincike: Abin da Ɗan Kwamiti Yake Dubawa a Takardar Neman Tallafi

Malamin jami'a idan ya so yin binciken da ya fi ƙarfin albashinsa, takarda yake rubutawa ya nemi tallafi. A Najeriya babbar ƙofar da malamai suke ƙwanƙwasawa ita ce ta asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi. A ƙarƙashinsa akwai Asusun Bincike na Ƙasa, inda mai nema zai fara tura taƙaitaccen bayanin abin da yake son yi. Idan ya tsallake wannan mataki sai a nemi cikakkiyar takarda, daga nan kuma a kira shi ya zo ya kare ta da bakinsa. A kowane mataki akwai mutanen da ake miƙa wa takardun su auna, yawancinsu malamai ne irin mai neman. Su ne 'yan kwamitin tantancewa.

Mutane da dama sun ɗauka aikin ɗan kwamiti shi ne ya karanta ya ce ta yi kyau ko ba ta yi ba. Aikin ya fi haka ƙunci. Shafuka uku yake warewa ya jera a gabansa: shafin manufofi, shafin jadawalin aiki, da shafin kasafin kuɗi. Sai ya duba ko maganarsu ɗaya ce. Kowace naira ta zama tana da aikin da za ta yi, kowane aiki yana da watan da za a yi shi, kuma yana kai wa ga wata manufa da aka rubuta. Inda wannan igiya ta tsinke, nan matsalar take, komai daɗin Turancin takardar.

Domin a ga yadda abin yake, na tsara misalin takarda ɗaya. Ba ta kowa ba ce, amma kurakuran da ke cikinta irin waɗanda ake yawan cin karo da su ne.

Takardar da ke kan tebur

Wata malamar tsangayar aikin gona tana neman naira miliyan 28 domin aikin wata 24 a kan wuta-wuta, ciyawar nan da wasu ke kira ƙuduji. Manomin dawa da gero da masara ya san ta. Tana manne wa saiwar amfanin gona tana tsotse shi tun a ƙarƙashin ƙasa, kafin furenta ya bayyana ta riga ta yi ɓarnar. Tushe ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyin iri, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma yana jiran dawa.

Malamar ta rubuta manufofi uku. Na farko, ta tattaro tsiron wuta-wuta masu ciwo daga gonaki, ta ware fumfunar da ke kashe su a ɗakin gwaji. Na biyu, ta cakuɗa irin dawa da wannan fumfuna ta gwada a gonakin manoma a ƙauyuka 12 na jihohi uku, damina biyu a jere. Na uku, ta horar da manoma 600 yadda za su yi amfani da ita.

Kafin ɗan kwamiti ya buɗe shafi na biyu, akwai tambayar da yake yi wa kansa. Shin na san wannan malama sanin da zai karkatar da ni? Idan ɗalibarsa ce, ko sashensu ɗaya, ko sun yi rubutu tare a 'yan shekarun nan, ko akwai tsohuwar tsama a tsakaninsu, sai ya sanar da sakataren kwamiti ya mayar da takardar, ranar zama kuma ya fita idan an zo kanta. Abin da ya karanta ma amana ne. Ba ya nuna wa abokin ofis, ba ya ɗaukar dabarar ya ba ɗalibinsa.

Manufofi: me za a sani wanda ba a sani ba?

Abu na farko da ake nema a manufa shi ne a iya cewa an cim mata ko ba a cim mata ba. Wanda ya rubuta cewa zai bunƙasa noman dawa a arewacin Najeriya buri ya faɗa, domin babu ranar da za a zauna a ce yau an gama. Wanda ya ce zai ƙirga tsiron wuta-wuta a fegin da aka sa wa magani da wanda ba a sa wa ba, sannan ya auna buhun da kowanne ya bayar, ya faɗi abin da za a iya kama shi a kai. A wannan ma'auni manufofin malamar sun yi ƙoƙari, akwai lambobi, akwai wurare.

Abu na biyu shi ne sabunta. Malamar ta rubuta cewa ba a taɓa gwada fumfuna a kan wuta-wuta a wannan yanki ba. A nan ne sanin fage yake amfani. Wanda ya daɗe a harkar ya san tun shekarun 1990 masana suka ware wani nau'in fumfuna mai suna Fusarium oxysporum daga wuta-wuta mai ciwo a Ghana da Mali da Najeriya, an kuma yi aiki a kai a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya. Wannan bai kashe takardar ba, domin har yanzu akwai abin tambaya: me ya sa abin yake ci a wata gona ya ƙi a wata, kuma yaya za a kai shi hannun manomi da ransa? Amma ya nuna malamar ba ta karanta abin da aka riga aka yi ba, ko ta karanta ta ɓoye. Ɗan kwamiti zai rubuta wannan a fili, ya ambaci inda za ta duba.

Abu na uku ya fi ɓuya. Manufofin nan uku a ɗore suke kamar tukwane. Idan ba a samu fumfuna mai ƙarfi a manufa ta farko ba, babu abin da za a kai gona a ta biyu, babu abin da za a koya wa manoma a ta uku. Ta ƙasa ta fashe, duka sun zube. Ba laifi ba ne bincike ya yi kasada, da ma abin da ba a sani ba ake nema. Laifin shi ne mai nema ta kasa faɗin abin da za ta yi idan kasadar ba ta biya ba. Da ta ce za ta nemo nau'in da aka riga aka ware a wata cibiya ta ajiye a gefe, ko za ta haɗa gwajin da juya noman dawa da waken suya, wanda aka san yana yaudarar irin wuta-wuta ya tsiro ya mutu don bai samu abin kamawa ba, da manufa ta biyu ta tsaya da ƙafarta.

Manufa ta uku kuma riga malam masallaci ce. Ba a horar da manoma 600 a kan abin da ba a tabbatar da aikinsa ba. Bugu da ƙari, wasu 'yan uwan wannan fumfuna su ne ke sa tumatir da auduga ciwon yanƙwanewa, don haka dole a fara gwada ta a kan sauran amfanin gona a killataccen wuri kafin a zuba ta a gonar talaka. Takardar ba ta ce komai a kan wannan ba.

Yiwuwar aiki: a ɗauko kalanda

Idan an gama da manufofi sai a koma ga tambayar ko wannan mutum, da waɗannan kayan aiki, a cikin wannan lokaci, zai iya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki jadawalin a aza shi a kan kalandar gaske.

Malamar ta ce za a fara a Janairu, manufa ta farko za ta ci wata tara, zuwa Satumba. Sai dai a Janairu babu ɗanyen tsiron wuta-wuta a gona. Sai an yi shuka a Yuni, dawa ta yi makonni, sannan ciyawar take leƙo kai, masu ciwon kuma an fi samunsu wajen Agusta da Satumba. Ke nan tattara samfuri ba zai fara ba sai a wata na takwas. Idan aka ɗora wata tara na ɗakin gwaji a kai, an kai Afrilu ko Mayu na shekara ta biyu. Damina ɗaya ce ta rage, ba biyu ba. Dawa kuma ba a girbe ta sai wajen Nuwamba, wa'adin aikin zai ƙare a Disamba. A cikin wata ɗaya za a sussuke, a auna, a yi lissafi, a horar da manoma 600, a rubuta rahoto.

Me ya sa damina ɗaya ba ta isa? Domin wuta-wuta tana bin yanayin ruwa da ƙarfin ƙasa. Shekarar da ruwa ya wadata tana iya raguwa da kanta, mai bincike ya ɗauka maganinsa ne ya yi aiki. Sai an maimaita a wata shekara ake rarrabe aikin magani da aikin sama. Don haka kuskuren kalanda ya taɓa zuciyar binciken kansa.

Sai a duba mutane. Takardar ta lissafa farfesoshi uku a matsayin abokan aiki, amma ba ta faɗi abin da kowanne zai yi ba, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa aiki a kan cututtukan tsiro. Manyan sunaye ba sa raya fumfuna a faranti. Ɗan kwamiti yana neman sunan wanda zai tsaya a ɗakin gwaji, da shaidar ya taɓa yin irin aikin. Yana kuma neman wasiƙa daga hukumar bunƙasa aikin gona ta kowace jiha, ko daga ƙungiyar manoma, mai nuna an amince za a ba da gonaki. Idan babu, ƙauyukan 12 sunaye ne kawai a takarda. Haka zancen wuta: fumfunar da aka ware tana buƙatar firji mai sanyi ba yankewa, kuma kowa ya san halin lantarki. Takardar da ba ta ambaci janareto ko sola ba, ba ta shirya wa ranar da za a ɗauke wuta ba.

Kasafi: kowace naira da dalilinta

Ga yadda malamar ta raba naira miliyan 28 ɗin. Na'urar tantance ƙwayoyin halitta, miliyan 8.5. Halartar taro a ƙasar waje, miliyan 5.5. Kwamfutocin tafi-da-gidanka guda huɗu, miliyan 3.2. Sinadarai da kayan ɗakin gwaji, miliyan 3. Horar da manoma, miliyan 2.6. Ma'aikatan gona da masu ƙirga, miliyan 2.4. Tafiye-tafiye, miliyan 1.8. Sauran abubuwa, miliyan 1.

Ɗan kwamiti yakan fara da tara lambobin da kansa, domin ba sau ɗaya ba jimillar da aka rubuta takan saɓa wa layukan. A nan ta yi daidai. Sai ya duba inda nauyin kuɗin ya faɗa. Na'ura da taro da kwamfutoci sun kwashe miliyan 17.2, wato fiye da kashi 60 cikin 100, alhali takardar ta ce gwajin gona ne ƙashin bayan aikin. Gona da tafiya zuwa gonar sun samu miliyan 4.2 kacal. Kasafi yakan tona abin da mai nema ya fi so, ko da bayanin da ke gaba ya faɗi wani abu dabam.

Sai a bi layi-layi. A sashen hanyoyin aiki an rubuta cewa samfuri 60 za a tantance. Sayen na'urar miliyan 8.5 saboda samfuri 60 yana nufin kowane samfuri ya tashi a kan sama da naira 140,000, ban da sinadarai. Tambayar ita ce, babu irin na'urar a jami'ar, ko a wata cibiya da za a kai samfurin a biya kuɗin gwaji? Mai yiwuwa malamar tana da hujja, watakila samfurin ba ya jure tafiya. To sai ta rubuta, ta kuma haɗo takardar farashi daga mai sayarwa. Abin da ake nufi da bayanin dalilin kasafi ke nan: a faɗi me za a saya, guda nawa, a kan nawa, don wane aiki, kuma me ya sa wanda ake da shi ba zai yi ba. Kwamfutoci huɗu ma haka, ba a faɗi wa zai riƙe su ba. Layin "sauran abubuwa" kuwa ba shi da bayani ko kaɗan, kuma kuɗin da ba a faɗi aikinsa ba ba a iya bin sawunsa daga baya.

Sabon ɗan kwamiti yakan zuba ido a kan inda aka zuzuta farashi kawai. Tsohon hannu ya fi tsoron inda aka rage. Mu ɗauki tafiye-tafiye. Takardar ta ce za a ziyarci kowane ƙauye duk bayan mako biyu daga shuka zuwa girbi, wato kamar sau goma a damina, sau 20 a damina biyu. Ƙauyuka 12 sau 20 ya ba da ziyara 240. A ce ana haɗa ƙauyuka uku a fita ɗaya, an samu fita 80. Idan aka raba miliyan 1.8 gida 80, kowace fita ta samu naira 22,500. A ce zuwa da dawowa kilomita 300 ne, mota kuma tana cin lita ɗaya a kilomita goma, lita 30 ke nan. Ko a kan naira 750 ake sayar da lita, kuɗin ya ƙare a mai. Babu direba, babu kwana, babu gyaran taya. Abin da zai faru sananne ne: a tsakiyar damina kuɗin zai ƙare, ziyara ta ragu, ƙirgar tsiro ta koma ta ƙiyasi, sakamakon ya zama ba abin dogaro ba. Araha ba ta ado.

Akwai kuma zancen lokacin da aka ɗauki farashi. Wanda ya rubuta kasafi a farkon 2023, kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayu a kuma saki darajar naira a Yuni, ya tarar da lissafinsa ya rushe cikin watanni. Sinadaran ɗakin gwaji yawancinsu daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu. Don haka ɗan kwamiti yana duba kwanan watan da ke jikin takardun farashi, da canjin da aka yi lissafi a kai.

Ranar zama

Kowace hukuma da ma'auninta. Cibiyoyin lafiya na ƙasar Amurka suna ba da maki daga 1 zuwa 9, inda 1 ya fi kyau, kuma a tsarinsu ana tattauna kasafi ne bayan an gama ba da makin ingancin bincike, don kada tsada ko araha ta ruɗi alƙalanci. Shirin bincike na Tarayyar Turai yana auna abu uku, inganci da tasiri da tsarin aiwatarwa, kowanne daga 0 zuwa 5, kuma a yawancin gasarsa sai an samu 3 a kowanne da 10 a jimilla. Ɗan kwamiti da ma'aunin da aka ba shi yake aiki, ko da yana ganin na wani wuri ya fi.

Kowa yakan zo da makinsa a rubuce tun daga gida, kafin ya ji bakin kowa. Dalilin a fili yake. Idan babban farfesa ya fara magana, ƙananan malamai sukan bi shi don kunya. Mu ƙaddara malamar ta shigo kare takardarta. Mai gabatarwa ya ce, "Dakta, a Janairu za ki fara tattara tsiro. A wace gona za ki same shi?" Ta yi shiru, ta buɗe jadawalin, ta ce, "Ranka ya daɗe, daga ranar sakin kuɗi na ƙirga, ban aza shi a kan damina ba. Amma ina da samfurin da na tara a bara, suna firjin sashenmu." Wannan amsa ta canja lissafi. Idan samfurin yana nan, ta kuma kawo shaidar fumfunar cikinsa tana raye, aikin ɗakin gwaji zai fara tun Janairu, ko da yake wata tara zai ci daminar farko duk da haka. Amfanin kiran mai nema ke nan, akwai abin da ta sani ba ta rubuta ba.

Bayan ta fita sai a yanke. A irin wannan takarda, hukuncin da ya dace shi ne kada a ba da kuɗin yadda aka nema, a mayar mata ta gyara. Yadda aka rubuta bayanin shi ne ma'aunin ɗan kwamitin kansa. Jimla irin "kasafin ya yi yawa" ba ta amfanar kowa. Abin da za a rubuta shi ne: a cire na'urar ko a kawo hujjar sayenta, a mayar da kuɗin taron waje zuwa tafiye-tafiye da ma'aikatan gona, a rage ƙauyuka daga 12 zuwa adadin da kuɗin zai ɗauka, a tsawaita wa'adi zuwa wata 36 idan dokar asusun ta yarda, domin a samu damina biyu, a ƙara gwaji a kan tumatir da auduga da wake, a jingine horar da manoma sai an ga sakamako. A kuma faɗi abin da ya yi kyau, domin matsalar da ta zaɓa ta gaske ce, hanyar ƙirgarta ma mai kyau ce.

Kuɗin TETFund daga harajin da ake karɓa a hannun kamfanoni yake fitowa, kuma takardun da ake turowa kullum sun fi waɗanda za a iya biya yawa. Miliyan 28 da aka ba aikin da zai tsaya a tsakiyar damina, an hana wa wani ne wanda nasa zai kai girbi. Duk malamin da ke shirin tura takarda, kafin ya danna aikawa, ya jera shafukan nan uku a kan teburinsa, ya ɗauko kalanda da na'urar lissafi, ya yi wa kansa tambayoyin da za a yi masa. Wanda aka kira shi kwamiti kuma, ya rubuta wa mai nema irin bayanin da shi zai so a rubuta masa ranar da tasa takardar ta faɗi.